Yadda na gyara matsalar lambar shasi kafin canjin sunan mai mota

Na sayi tsohuwar mota a Gusau, aka miƙa mini takardun kwastan, lasisin mota, inshora da takardar shaidar mallaka, na karɓa ban duba ba saboda mai sayarwar mutumin unguwarmu ne. Da na je ofishin lasisi domin a mayar da ita sunana, jami'in ya goge ƙurar gindin gilashin gaba, ya ƙirga lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, sai ga shi inda motar ke da 8, takardar mallaka tana da B. An dakatar da aikin nan take, kuma gaskiyarsu ce, domin irin wannan saɓani ne ke tona motar sata.

Takardar kwastan ce ta cece ni, don lambarta ta yi daidai da ta jikin motar, wato kuskuren na rubutu ne. Na koma wurin Alhajin da sunansa ke takardun, muka rubuta yarjejeniyar ciniki mai ɗauke da lambar daidai, shaidu biyu suka sa hannu, ya haɗa da kwafin katin shaidarsa, na yi takardar rantsuwa a kotu. Bayan an gyara rajistar, na sabunta inshorar da sunana.