Shawara ga mai haɗa lasifikar talabijin da wayar haske

Wayar haske, wadda ake rubuta sunan raminta OPTICAL a bayan talabijin, ba ta ɗauke da lantarki, domin sautin yana tafiya ne a matsayin haske ta cikin siririn zaren roba. Bakinta mai kusurwa huɗu ne, amma an fiƙe kusurwa biyu, saboda haka ta fuska ɗaya kawai yake shiga. Kafin a soka shi, a cire ƙaramar hular robar da ke kansa, wadda mutane da yawa suke mantawa da ita har su karya murfin ramin.

Idan an soka baki ɗaya a talabijin da ke kunne, ya kamata a ga jan haske a ɗaya bakin. Rashin ganinsa yana nufin ba a zaɓi wannan mafita a saitin sauti ba, ko kuma zaren ya karye a inda aka lanƙwasa wayar da ƙarfi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake zargin wayar alhali ga hasken yana fitowa. Ba kowane tsarin aika sauti wayar take ɗauka ba: tana ɗaukar PCM mai hanya 2, wato hagu da dama, da Dolby Digital ko DTS mai hanya 5.1, wato sautin kewaye, amma ba ta ɗaukar tsarin Dolby Atmos ko hoto. Idan lasifikar ta yi shiru ko tana ƙara marar daɗi, a mayar da saitin sautin talabijin zuwa PCM, domin wata lasifikar ba ta fahimtar DTS.