Kurakuran da aka fi yi in za a maida littafi fim

Matasanmu na nan Katsina da suka fara ɗaukar littattafan soyayya suna maidawa fim, ku sani canza mutanen cikin labari ba laifi ba ne, dole ce ma. A al'ada shafi ɗaya na rubutun fim minti ɗaya ne, fim ɗin awa biyu shafi 120 ke nan, to ina za ka zuba littafi mai na ɗaya na biyu na ukku? Ga kuɗin 'yan wasa, ga mota zuwa lokeshan, ga abinci.

Kuskuren farko shi ne tsoron rage mutane. Littafi na da ƙannen miji ukku, duk aikinsu ɗaya, kai gulmar amarya wajen Hajiya. Darakta ya kawo su duka, kowace ta faɗi magana biyu ta ɓace, har fim ya ƙare ba wanda ya riƙe sunansu. Haɗe su a mutum ɗaya ka ba ta bakin dukansu. Masu karatu za su yi ƙorafi kwana biyu su manta, kamar yadda suke yafe in an ƙara ma yarinya shekaru, ko an ce fara ce doguwa a littafi sai aka kawo baƙa, in dai ta iya wasan.

Wanda ba a yafewa shi ne taɓa hali, kuma nan ne abin ke ci mani rai. Ɗauki uwargida da littafi ya nuna ta yi shekaru tana saida ƙuli da fura tana rufa ma miji asiri, yana samun kuɗi ya yi mata kishiya ko sanarwa babu. Marubuciya ta kai mu cikin zuciyarta shafi bayan shafi, shi ya sa ko da ta yi ma amarya rashin mutunci muna jin tausayinta. Kyamara ba ta ganin zuciya, sai darakta ya bi hanya mai sauƙi, ya yanke wahalar duka ya tura ta gidan boka tun farkon fim, to a ƙarshe da miji ya zo yana ba ta haƙuri kamar yadda littafi ya ce sai mai kallo ya rasa haƙurin mi ake ba ta.

Gyaran ba shi da tsada. Nuna ta sau ɗaya tana kwance bakin zane tana miƙa mashi kuɗin adashinta ya yi jari, sannan nuna ta tana jin labarin auren a bakin maƙwabciya. Minti biyu sun isa. Kar ka sa ta zauna gefen gado tana dogon zancen zuci, gajiyar da mutane yake.

Kafin a kunna kyamara ka karanta ma wadda ta san littafin abin da ka rubuta, ka tambaye ta ko uwargidan nan za ta aikata haka. In ta ce ai wance ba haka take ba, koma ka gyara.