Darasi na 6: Ware kuɗɗin lanho tun daga cinikin yau

Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani tun kafin albashi ya shigo hannunshi an riga an cire mishi lanho, bai ma ganin kuɗɗin balle su ba shi ciwon kai. Amma tela, makaniki, mai butik, mai gyaran salula, ku babu mai cire muku, duk abin da ya shigo aljihu sai ku ga kamar naku ne gaba ɗaya, sai ran da takardar ofishin haraji, wato DGI, ta iso sannan a hau neman rance ko a kai tunkiyar gida kasuwa a saida ta da araha. To wanga darasi hanya guda zai koya muku, a kowace jika da ta shigo ku san dala nawa ne ba naku ba.

Mu ɗauki misalin wani tela a Tawa, lissafin na koyo ne, kowa zai sa nashi adadin. Bara ya biya lanho jika 60. Da ya duba kayen da yake rubuta ɗinki sai ya ga cinikin shekara duka ya kai jika 1500, miliyan ɗaya da rabi kenan. Raba jika 60, wato tamma 60,000, da 1500, sai ka ga a kowace jika tamma 40 ce ta lanho, dala 8. Shawarata kar ya tsaya a dala 8, ya cika ta dala 10, don in ciniki ya ƙaru bana abin da za a yanka mishi zai iya ƙaruwa, kuma dala 10 ta fi sauƙin lissafi da ka ko ga wanda bai saba da alƙalami ba. In cinikin bana ya yi kamar na bara zai tara jika 75, ya biya 60, saura 15 ya fara shekara mai zuwa da su.

Wani zai ce me ya sa ba za a ce jika 5 kowane wata ba a huta? Ai aikin tela ba ɗaya yake ba duk shekara. Satin jajibirin sallah yana iya yin ɗinkin jika 90, keke bai tsayawa har asuba, a wannan satin zai ware jika 4 da rabi kuma wallahi ba zai ji ta a jikinshi ba. Amma da damina, mutane sun tafi gona, hatsi ya yi tsada, sati guda jika 12 kawai ya samu, to dala 120 zai ware. Da a ce jika 5 ce dole a irin wannan watan zai kasa, in ya kasa sau biyu kuma sai zuciya ta mutu ya bar abin kwata-kwata, nan ne mafi yawa suke faɗuwa.

Ku lura da kyau, daga ciniki ake cirewa, kafin a sayi zare da zif, kafin kuɗin kuran da na haya da na cefane. Ƙananan masu sana'a yawanci girman cinikinsu ake dubawa wajen yanka musu lanho, don haka wanda ya ce sai ya ga abin da ya rage da dare zai ware, ba abin da zai tarar.

Sai maganar ina za a ajiye. Kar su kwana aljihu ɗaya da jari. Asusun katako mai kwaɗo ya yi, ko wani layin waya daban da ba a sayen kati da shi, ko akawun a akwatin ajiya na unguwa. Adashe kuwa ni ban ba ku shawara ba don wanga aiki, saboda ranar kwasarka ba lallai ta zo daidai da ranar biya ba, kuma lanho in ya wuce wa'adi tara ake ɗorawa, abin yana iya kai wa ga rufe shago. In larura ta sa ka taɓa asusun, rashin lafiya ko rasuwa, rubuta a kaye nawa ka ɗauka, ka ninka warewa zuwa dala 20 har ramin ya cike.

Yadda za ka gane ko kana kan hanya, tela ya buɗe asusu bayan babbar sallah ya ƙirga. Sallah biyu sun wuce, in bai kai rabin lanhon bara ba to akwai ranakun da ya tsallake ko ɗinkin da bai rubuta ba, ya gyara tun da sauran watanni. Kuma tikitin kasuwa da ma'aikatan magajin gari ke yanka muku daban yake, bai shafe lanhon shekara ba. Ran biya ka je ofis da kanka, ka tambayi ranar wa'adi na gaba ka rubuta a bangon kaye, kar ka fito sai da rasit mai hatimi da sunanka da lambarka ta mai biyan lanho, wato NIF, ka sa shi cikin leda.

Aikin gida: kowa ya zo da rasit ɗin bara da cinikin sati guda a rubuce, za mu fidda dalar kowa a allo.