Kurakuran yanke farashi da ke sa mai ɗaukar bidiyo ya yi aikin banza

Yawancin masu ɗaukar bidiyo da ke cin gashin kansu suna yanke farashi ne da ranar da suka riƙe kyamara kawai, alhali a aikin biki wannan ranar ita ce mafi sauƙi. Daga nan asarar take farawa.

A ce an kira ka biki na kwana biyu, kamu da dina, ka ce a ba ka naira 80,000 don ka ji haka wane yake karɓa. Amma wane ba shi zai biya maka kuɗin haya ba. Fara da abin da kake buƙata a wata, mu ce 300,000, ka raba shi da kwanakin da ake biyan ka da gaske. Kwanakin nan ba sa kai 30, domin akwai na neman aiki, akwai na zaman jira, ga watan azumi da bukukuwa ke ja baya. Idan 15 ne, kuɗin yininka 20,000 ke nan, awa guda kuma 2,500 idan yini awa 8 ne. Ka kuma faɗa tun farko cewa yini awa 8 ne, don dinar da aka sa ƙarfe bakwai takan kai sha ɗaya amarya ba ta iso ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne bayar da tacewa kyauta. Mai biki ya ga ka tsaya da kyamara, amma bai ga daren da ka kwana gaban kwamfuta ba. Kwashe abin da aka ɗauka daga memori, kallon sa gaba ɗaya, haɗa muryar da aka naɗa daban da hoto, yanka, daidaita launi saboda fitilun zauren taro sun mai da fuskar amarya shuɗiya, sannan fitar da dogon bidiyo da gajeren da za a sa a waya, duk awoyi ne na aikinka. Maganin ba wuya: a ayyuka uku masu zuwa, rubuta lokacin da ka zauna da lokacin da ka tashi, za ka san naka ma'aunin. A misalinmu mu ce awa 24 aikin ya ci, wato kwana uku, kuɗinsu 60,000.

Gyara ma a yi masa iyaka. Yau uwar amarya ta ce ba a nuna ƙawarta ba, gobe ango ya ce a canza waƙa. A rubuta cewa gyara sau biyu yana cikin farashi, na uku kuma da awa ake biya.

Sai tsufan kaya. Mai tuƙa keken haya yakan cire balas da kuɗin mai kafin ya ce ya samu, kai ma kyamara da fitila da batir da kwamfuta suna da nasu kason. Batir yana rage riƙe caji, ƙurar hunturu tana shiga kyamara, memori yakan mutu ba sallama. A nan ana yawan lissafi da kuɗin da aka sayi kayan, kuma kuskure ne, domin kaya ne na waje da ke bin dala. A Najeriya, kafin a bar kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 kuwa ta haura 1,400. Wanda ya tara kuɗi da tsohon farashi ba zai iya mayar da kyamararsa ba. Ka tambayi farashin yau. Idan sabunta kayanka duka zai ci miliyan 3, kana sa ran su yi shekara uku, kana fita da su kwana 100 a shekara, to kowace fita 10,000 ce. Ka ware ta a wani asusu daban, kada ta shiga cefane.

Yanzu a haɗa: ɗauka 40,000, tacewa 60,000, tsufan kaya 20,000, mataimaki 20,000, kuɗin mota da man janareta da data da filash 15,000. Jimla 155,000. Wanda ya karɓi 80,000, bayan ya cire 35,000 da ya kashe da 20,000 na kaya, saura 25,000 a kwana biyar na aiki, wato 5,000 a yini. Alamar kana cikin wannan hali ita ce aiki bai yanke maka ba, amma idan batir ya mutu sai ka ci bashi.

Idan mai biki ya ce 155,000 ya yi yawa, rage aikin tare da kuɗin: a bar kamu, ko a yi gajeren bidiyo kaɗai, awoyin tacewa su sauka. Ka karɓi aƙalla rabi a matsayin kafin alƙalami, cikon kuma kafin ka miƙa filash.