Darasi na Shida: Albashin Dala da Albashin Naira

A Abuja akwai ma'aikata da dama da ake yanka wa albashi da dala, kamar direbobi da masu girki da masu gadi a gidajen baƙi 'yan ƙasar waje. Jama'a na ganin duk wanda ake biya da dala kakarsa ta yanke saƙa. Ba kullum ba ne. Dala ba ta sayen tumatir a kasuwar Wuse sai an mayar da ita naira, kuma farashin canji ba ya zama wuri ɗaya.

Mu ɗauki misalin direbobi biyu da suka fara aiki rana ɗaya a tsakiyar shekarar 2023. A watan Yuni na shekarar ne Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, darajarta ta faɗi sosai. A ce ranar da suka fara aiki dala ɗaya naira 800 ce. Na farko an yanka masa dala 200 a wata. Na biyu ya ce shi bai son wahalar canji, a ba shi naira. Aka ninka 800 sau 200, aka yanka masa naira 160,000. A ranar, albashinsu ɗaya ne.

Bayan shekara guda da 'yan watanni dala ta kai wajen naira 1,600. Mai dala 200 in ya canza, naira 320,000 zai riƙe. Abokinsa yana nan a kan 160,000. Mai kallo daga nesa zai ce na farko ya ninka arzikinsa. To mu bi su kasuwa. A ce da farko buhun shinkafa naira 40,000 ne, albashin kowannensu buhu huɗu ke nan. Yanzu a ce buhu ya koma 80,000. Raba 320,000 da 80,000, buhu huɗu za ka samu. Ashe mai dala bai ƙaru da ko tiya ɗaya ba, tsira kawai ya yi. Mai naira kuwa albashinsa ya koma buhu biyu, alhali babu wanda ya rage masa ko kwabo a takarda.

Dalilin haka a fili yake. Kaya da yawa da muke amfani da su, irin su magani da alkama da kayan gyaran mota, da dala ake shigo da su. In dala ta hau, su ma sai su hau, su ja kuɗin mota da na abinci. A shekarar 2023 ɗin ma aka cire tallafin man fetur, abin ya haɗu goma da ashirin. Saboda haka in kana so ka san ainihin albashinka, zaɓi abu ɗaya da gidanka ke saye kowane wata, ka duba nawa albashin zai saya bana, nawa ya saya bara.

Amma mai dala yana da nasa tarkon, domin dala tana sauka kamar yadda take hawa. A watan Fabrairun 2024 ta kai kusan naira 1,900 a wajen 'yan canji. Kafin tsakiyar Afrilu ta sauko kusan 1,100. Direbanmu da ya canza dala 200 a Fabrairu ya karɓi wajen naira 380,000. A Afrilu kuwa 220,000 ya samu. Naira 160,000 ta tafi cikin wata biyu, aiki bai ragu ba, kuma mai shago bai sauke farashin shinkafa ba, don kaya in sun hau da wuya su sauko da sauri. Wanda ya shiga adashi mai nauyi a Fabrairu, ko ya kama haya mai tsada a Kubwa yana lissafi da 380,000, shi ya san yadda ya ƙare a Afrilu. Shi ya sa mai karɓar dala ya kamata ya tsara hidimar gidansa a kan ƙaramin farashin da ya gani a watanni shida da suka wuce. Abin da ya haura wannan, ya ɗauke shi rara, ya ajiye saboda watan da dala za ta sauko.

Yanzu ga inda aka fi cutar ma'aikata. Sau da yawa ana ambaton dala ne a baki, amma naira ake turawa asusu. Wannan ba laifi ba ne, naira ce kuɗin ƙasa. Abin dubawa shi ne farashin da za a yi lissafi da shi. Wani saurayi ya kawo wa kawunsa takardar ɗaukar aiki yana murna.

"Kawu, dala 200 za a riƙa ba ni."

Kawun ya sa tabarau ya karanta, ya ce, "Ɗana, duba layin ƙasa. An rubuta a kan naira 800 kowace dala. Ko dala ta kai dubu biyu, 160,000 za su ba ka. Wannan albashin naira ne aka sa wa rigar dala."

Saboda haka kafin ka sa hannu ko ka dangwala, tambayi abu biyu, kuma a rubuta amsar: farashin wace rana za a bi, kuma farashin wa, na banki ko na 'yan canji? Wanda ya fi adalci shi ne farashin ranar biya. In mai aikin ya dage sai tsayayyen farashi, roƙi a rubuta cewa za a sake dubawa bayan wata uku ko shida. Mai albashin naira zalla ma yana iya neman wannan sharaɗi.

In kuma dalar ce ake damƙa maka a hannu, ka sani ɗan canji yana da farashi biyu, wanda yake saye da wanda yake sayarwa. Kai mai sayarwa ne, ƙaramin za a ba ka. Wanda ka ji a rediyo ko a bakin mutane sau da yawa babban ne. In ratar naira 20 ce, a dala 200 ka rasa naira 4,000. A Wuse Zone 4 kuma ba a sayen takardu duka a kuɗi ɗaya. Sabuwar takardar dala 100 mai shuɗin zare a tsakiya ta fi daraja, tsofaffi da ƙananan takardu irin na dala 5 da 10 ana rage musu, wadda ta yage ko ta yi tabo ana iya ƙin karɓa. Duba takardun tun a gaban mai biyanka. Ka shiga ofishin ɗan canji mai lasisi, ka tambayi biyu ko uku, kada ka tsaya da mai tare mota a bakin titi. In turo maka za a yi, kada ka bar wurin sai ka ga kuɗin a asusunka da idonka, domin akwai saƙon bogi.

Aikin gida: Wata mai girki tana karɓar dala 150 a wata. Nawa za ta samu in dala tana naira 1,400, nawa kuma in ta koma 1,200? In hidimar gidanta naira 190,000 ce a wata, a wane farashi ne kuɗin ba zai ishe ta ba, kuma nawa ne giɓin? Ku zo da amsa a rubuce, tare da farashin mudun shinkafa a unguwarku yau.