Dalilin zafin saduwa bayan arba'in da abin da ma'aurata za su yi

Da yawa daga cikin ma'aurata a nan Jos suna ɗauka cewa da zarar mai jego ta yi arba'in, jikinta ya koma yadda yake, alhali tsayawar jinin biƙi ba ita ce alamar warkewa gaba ɗaya ba. Shayarwa tana rage sinadarin estirojin a jikin mace, raguwarsa kuma tana kawo bushewar gaba da ƙarancin sha'awa, wani lokaci har sai an yaye yaro. Saboda haka matar da ta haihu ta hanyar tiyata ma tana iya jin zafi, ko da yake ba a yi mata ɗinki a ƙasa ba.

Idan, misali, uwargida ta samu ƙari an ɗinke ta, abin da ya dace shi ne ta koma asibiti a mako na 6 a duba ɗinkin kafin a kusance ta. Bayan haka maigida ya tanadi man sauƙaƙa saduwa mai ruwa-ruwa daga kyamis, ba basilin ba, domin basilin yana lalata kwaroron roba. Ya tsawaita wasa, ya bar ta ta zaɓi lokaci da kwanciyar da ba ta takura wurin ɗinkin, kuma ya dakata da zarar ta ce da zafi. A ganina, karɓar jariri da dare domin ta samu barci ya fi kowane maganin mata da ake tallatawa amfani.

Ciki yana iya shiga tun kafin al'ada ta dawo, don haka a tattauna tazarar haihuwa a ziyarar asibiti ta mako na 6. Zubar jini, ruwa mai wari, zazzaɓi, ko zafin da ya ƙi raguwa bayan watanni, duk suna bukatar likita.