Yadda Ake Ajiye Mataccen Batir Da Kuma Rabuwa Da Shi Ba Tare Da An Cutar Da Yara Ba

Kwanaki batirin inbatar gidanmu ya mutu, irin dogon nan mai amfiya 200, muka fito da shi zaure muka jingine. Ko kwana uku bai yi ba wani ɗan gwangwan ya yi sallama ya taya, aka daidaita, toh kafin ya ɗora shi a kura sai na ga ya kwance murafan sama ya kifa shi a bakin kwata wai yana rage nauyi. Ruwan ya gangara yana kumfa a kan siminti, kuma wallahi nan ne daidai inda yaran layinmu suke zama wasan ƙasa da yamma. Tun ranar nake son rubuta wannan, don da yawanmu yanzu muna da sola ko inbata, ga batirin mota, ga wayoyi da fawabank, kuma duk ranar mutuwarsu tana nan tafe.

Mataki na farko, ka gane wane iri ne a hannunka

Batura ba ɗaya ba ne. Na mota da mafi yawan na inbata, masu nauyin nan, dalma ce a ciki da ruwan asid. Har wanda ake ce ma busasshe ko mai jel, shi ma dalma ce da asid, kawai dai ba ya kwarara ne. Na waya, laftof, fawabank da sabbin baturan sola marasa nauyi sosai, waɗannan litiyam ne, za ka ga an rubuta Li-ion ko LiFePO4 a jiki. Na dalma kuma galibi akwai Pb a jikinsa. Sai ƙananan na tocila da rimot, da kuma masu kama da maɓallin riga na agogo da makullin mota, irin su CR2032. Kada ka haɗa su a buhu ɗaya, kowanne da irin haɗarinsa.

Mataki na biyu, ka tabbatar ya mutu ɗin

Wannan na batirin dalma ne. Ka yi masa caji ya cika, ka cire shi daga komai ya huta kamar awa huɗu zuwa shida, sannan ka sa mitar auna bolt. Lafiyayyen batir mai bolt 12 zai nuna wajen 12.6 ko 12.7. In ya tsaya a 10.5 ko kusa da haka bayan cikakken caji, toh ɗaki ɗaya cikin ɗakuna shida da ke cikin batirin ya tafi, domin kowane ɗaki bolt 2 da ɗan kai yake bayarwa. In kuma ya nuna daidai amma da ka kunna fanka da ƙwai biyu sai ya faɗi cikin minti goma, shi ma ya gama aiki. Wani lokacin kuma ruwa ne kawai ya ja baya a masu murfi, sai a ƙara tataccen ruwan batir, ba asid ba, ba kuma ruwan famfo ba. Amma in jikin ya kumbura, ya tsage, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai lokacin caji, ka daina wahalar da kanka, kashe inbatar ka cire shi.

Mataki na uku, cirewa da ajiyewa

Ka cire agogo da zobe tukuna. Ka fara kwance waya ta baƙi, wato mai alamar -, sannan ta ja. Sifana in ta taɓa kawunan biyu a tare, ko batirin da ka ce ya mutu zai iya yin tartsatsin da zai ƙona maka hannu, don haka da ka cire sai ka naɗe kawunan da salatif mai kauri. Ku ɗauke shi ku biyu, irin mai amfiya 200 ɗin nan yakan kai kilo 60.

Ka ajiye shi a tsaye, ba a kishingiɗe ba, cikin tsohuwar robar wanki ko faranti na roba don in ya yi yoyo ya tsaya a ciki. Wuri mai inuwa da iska, nesa da murhu, janareta da galan ɗin fetur, kuma inda ruwan sama ba ya dukansa. Ba ɗakin da ake kwana ba, ba sito kusa da buhun masara ba, ba kuma tsakar gida inda yaro zai mayar da shi kujera ba. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir kada yaro ya taɓa, kai ma in ka taɓa ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci komai.

In asid ya zube a ƙasa, ka barbaɗa bekin soda har kumfa ta daina tashi, in babu ka sa toka da yawa, sannan ka kwashe a leda. In ya taɓa fata ko ido, ruwa mai yawa za a yi ta kwararawa na aƙalla minti 15, na ido kuwa daga nan sai asibiti.

Mataki na huɗu, wa za ka ba

Nan ne zancen yake. Kada ka fasa, kada ka zubar da ruwan, kada ka bari mai saye ya zubar a ƙofar gidanka. Ruwan nan ba asid kaɗai ba ne, akwai dalma a narke da laka-laka a cikinsa, asid ɗin zai huce amma dalmar tana nan a ƙasa shekara da shekaru, ba ta ruɓewa. Mafi alheri ka mayar da shi wurin dilan da za ka sayi sabo, yawancinsu suna karɓar tsoho su rage maka kuɗi, ko kamfanin da ya haɗa maka solar. Ka tambaye shi kai tsaye, "Alhaji ina kuke kai su, kuma da ruwansu kuke turawa?" In ya ce a bayan shago suke fasawa da gatari, ka nemi wani ko da kuɗin bai kai ba. A Najeriya hukumar NESREA ce ke da alhakin sa ido a kan masu wannan sana'a, kuma a 2024 ta fito da dokoki na musamman a kan batura.

Me ya sa nake ta nanata dalma? Fiye da rabin nauyin batirin nan dalma ce, wato a guda ɗaya na inbata akwai sama da kilo 30. Tana narkewa a zafin digiri 327 kacal, shi ya sa kowa zai iya narka ta da gawayi a tsohuwar tukunya, kuma hayaƙin da ƙurar su ne gubar. Yaro yana rarrafe yana kai hannu baki, jikinsa kuma ya fi na babba saurin zuƙarta, ta tafi ƙwaƙwalwa. Da farko ba a ganin komai, sai ciwon ciki, rashin cin abinci, rigima, ƙarancin jini, yaro ya kasa riƙe karatu, in ta yi yawa sai jijjiga. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya illa. Mu dai mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, duk da can daga duwatsun zinare da ake niƙawa a gida ta fito. Wadda ta fito daga batir kai tsaye kuma ita ce ta Thiaroye a gefen Dakar, ƙasar Senegal, tsakanin 2007 da 2008, inda aka daɗe ana fasa baturan mota a unguwa, mata suna tankaɗe ƙasar wurin don tsinto dalma su sayar, yara 18 suka mutu.

Kuma abin takaicin, dalma ba ta tsufa. In masana'anta mai kyau ta karɓa, ana narka ta a rufe da na'urar kama hayaƙi, a kashe kaifin asid ɗin, a niƙa robar a sake zuba sabon gida, kusan komai ya koma sabon batir. A Amurka kusan kashi 99 cikin 100 na irin waɗannan batura haka suke komawa.

Na waya da fawabank fa?

Shi litiyam matsalarsa wuta ce. In ka ga bayan wayarka ya ɗago ko sikirin ya fara ɓanɓarewa daga gefe, batirin ya kumbura, iskar gas ce ta taru a ciki. Ka daina caji nan take. Don Allah kada ka soka masa allura wai iskar ta fita, kada ka danne shi, na ga masu yin haka kuma nan take yake kamawa da wuta mai tsiri da farin hayaƙi mai guba. Ka kai wa mai gyara ya cire. In batirin lafiyarsa lau tsufa kawai ya yi, ka bari cajin ya sauka ƙasa sosai kafin a cire, cikakken batir ya fi tashin wuta.

Bayan an cire, ka rufe bakinsa da salatif, kowanne shi kaɗai, ka samu gwangwanin madara babba ka zuba busasshen yashi rabi, ka sa batirin ka ƙara yashi a kai, murfin kuma a ɗora kawai kada a toshe gam. Ka ajiye a inuwa a waje da ɗaki. Kada a bar shi cikin mota a rana, musamman watan Maris da Afrilu, kuma kada a jefa shi bola, tunda bolarmu ƙona ta ake yi kuma almajirai da masu tsince-tsince suna wurin. In ya fara hayaƙi ka janye yara, ka cire soket in yana jone, ka kwara ruwa mai yawa daga nesa ko ka rufe shi da yashi, kuma kada ka yarda da shi don wutar ta mutu, yakan sake kamawa.

Wuraren karɓar litiyam ba su kai na dalma yawa ba, don haka ka tara su a gwangwanin har ka samu inda za ka kai. Ka fara da kamfanin sola, ko masu gyaran waya da laftof a manyan kasuwanni irin Farm Centre ta Kano, akwai masu tarawa suna turawa gaba. Tarawar tana da dalili. A batirin waya da laftof akwai kobalt, kuma wajen kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, galibi yankin Kolwezi, inda wani ɓangare da hannu ake haƙa shi cikin ramuka masu ruftawa har da yara a aikin. Litiyam ɗin ma yanzu ga shi ana tonon sa a Nasarawa, Kogi da Kwara. Wanda ke cikin tsohon batir an riga an haƙo shi an tace, in ya koma masana'anta sai a niƙa a ware kobalt, nikel, tagulla da litiyam a sake aiki da su. Na sola mai LiFePO4 babu kobalt a cikinsa kuma bai kai na waya saurin kama wuta ba, amma shi ma dila za a mayar wa.

Ƙananan batura

Na tocila da rimot, ka cire su daga na'ura da zarar sun mutu kafin su yi yoyo, ka tara a gorar roba, kada a ƙona, kuma a daina ba yara su fasa don baƙin garin cikinsu da ake shafa wa allo. Masu kama da maɓalli su ne abin tsoro a gidan da ke da mai rarrafe. In yaro ya haɗiye ya maƙale a maƙoshi, cikin awa 2 zai iya ƙona naman wurin, ko da batirin ya daina tayar da rimot. Da ka cire shi ka naɗe shi da salatif gaba da baya ka jefa a gora mai murfi ka ɗora sama. In kuma kana zargin an haɗiye, kada a sa yaron amai, kada a jira a ga alama, a tafi asibitin da ke da hoto yanzu-yanzu, a tafi da kwalin batirin ko na'urar da ya fito daga ciki don likita ya ga girmansa.